Yadda na shirya godiyar tafintocinmu, tun kafin taro har bayan an watse

Kwamitin unguwarmu ya kira taron mazauna a kan aikin magudanar ruwa da za a fara, wanda zai sa a rufe babbar hanyar shiga na wasu watanni. A rabon aiki, ni aka ɗora wa kula da tafintoci da masu fassara. Da za mu tashi, shugaban kwamiti ya ce da ni, "Malama, har godiyarsu a wuyanki take, kada mu yi ta fatar baki kawai." Na ɗauki maganar da muhimmanci, domin na sha zama a tarukan da ake ce wa "muna kuma gode wa masu fassara" a lokacin da rabin jama'a sun miƙe suna neman takalma, su kuma waɗanda ake gode wa suna can suna naɗe wayoyin na'ura, ba su ma ji ba.

Sai na fara bayyana yadda taron ya kasance, don da haka za a gane inda wahalar godiyar take. Injiniyan da zai yi bayani da Turanci yake magana. Mafi yawan mazauna Hausa suke ji. Akwai kamar mutum ashirin da Faransanci ya fi zauna musu, da dattawa uku masu Larabci, da wasu kurame da ke bin taro da maganar hannu. Mun sa tafintoci biyu tsakanin Turanci da Hausa, suna tsaye kusa da injiniya: ya faɗi jimla uku ko huɗu ya dakata, su mayar. Masu Faransanci su ma biyu ne, suna magana ƙasa-ƙasa cikin ƙaramar na'ura, mutanensu na saurare da abin sa wa a kunne. Mai Larabci shi kaɗai ne, yana zaune bayan dattawan uku yana yi musu raɗa. Masu maganar hannu biyu suna gaba, inda haske ke dukan fuskarsu da hannayensu. Bakwai ke nan. Banda su akwai mutum uku da ba su tsaya gaban kowa ba, su ne suka fassara takardar gayyata da taƙaitaccen bayanin aikin mai shafi huɗu.

Abin lura a wannan tsari shi ne masu Faransanci da mai Larabci da masu maganar hannu ba daga bakin injiniya suke ɗauka ba, daga Hausar tafintocin farko suke ɗauka. Idan mai Hausa ya ɗauki adadi ba daidai ba, kuskuren zai bi ta harsuna uku ya isa kunnen kowa. Nauyin taron duka yana kan mutum biyun nan, kuma mai zaune a cikin jama'a ba zai taɓa lura da haka ba. Tun daga nan na ƙudurta cewa godiyata sai ta faɗi abin da kowa ya yi, ba a haɗa su duka a dunƙule ba.

Matakin farko rijista ce. Na buɗe shafi ɗaya na rubuta sunan kowa yadda shi da kansa yake rubuta shi, da yadda ake furta shi, da harsunan da zai yi aiki tsakaninsu, da irin aikin: na tsaya-in-mayar ne, na raɗa ne, na hannu ne, ko na takarda. Na bar gurbin lokacin farawa da na gamawa. Sai tambayoyi uku da na yi wa kowa shi kaɗai, ba a gaban sauran ba: ka yarda a ambaci sunanka a bainar jama'a, ka yarda hotonka ya fita, kuma da wane harshe kake son wasiƙar godiya.

Tambayar farko ta fi yadda na zata amfani. Ɗaya daga cikin masu Hausa, wadda ita ma a unguwar take zaune, ta ce mini, "Yaya, ki ce tafintar Hausa kawai, ya isa." Dalilinta a fili yake. Tafinta yana magana ne da bakin mai magana. Idan injiniya ya ce zai rufe hanya, ita ma "zan rufe hanya" za ta ce, ba za ta ce "ya ce zai rufe" ba, don haka aikin yake tafiya, kuma ya fi sauri da tsabta. To amma wanda ransa ya ɓaci da hukuncin, muryarta ya ji, fuskarta ya gani. Gobe idan suka haɗu a hanya yana iya tare ta da ƙorafi, ko ya ce ta je ta roƙar masa alfarma tunda "ita ce ta kusa da su". Mai irin wannan damuwa, ambaton cikakken sunansa da lasifika ba karramawa ba ce a gare shi. Na rubuta a gaban sunanta: a wasiƙa kawai. Mutum biyu kuma suka ce ba sa son hoto. Na sanar da mai ɗaukar hoto tun kafin ranar, na nuna masa inda za su zauna.

Mataki na biyu ba ya kama da godiya, amma su tafintocin shi suka fi ambata daga baya. Na matsa wa ofishin injiniya har suka ba mu bayaninsa mako guda kafin taro, na raba wa dukkansu. Muka zauna muka fitar da kalmomin aikin da za su yi ta maimaituwa, irin su kwalbati da magudana da kwanciyar ƙasa da diyya, muka tsayar da kalma ɗaya ga kowanne a kowane harshe, don kada takarda ta ce wani abu, baki ya ce wani. A wannan zaman ne mai fassarar Faransanci ta gano cewa ranar fara aiki da ke shafin farko ta saɓa da wadda ke jadawalin shafi na huɗu. Ba ta zaɓi ɗaya ta wuce ba, sai ta tsaya ta tambaya. Aka koma wurin masu takardar suka gyara. Da ta yi shiru, da mutane sun zo taro da ranaku biyu a hannu, kuma da rabin lokacin ya tafi a musu. Na rubuta wannan a rijistata nan take, domin irinsa ne abin da ake faɗa a godiya.

Haka kuma na nemi a bi ƙa'idar da ƙwararru suke bi. Masu fassara kai tsaye, wato waɗanda suke magana a daidai lokacin da mai jawabi yake magana, bibbiyu suke aiki, suna karɓar juna duk bayan minti 20 zuwa 30. Ƙungiyar tafintocin manyan taruka ta duniya, AIIC, wadda aka kafa a 1953, ta daɗe tana tsayawa kan kada a bar mutum ɗaya da dogon zama. Dalilin shi ne mutum yana saurare, yana fahimta, yana juyawa, yana furtawa, yana kuma sauraron kansa, duk a lokaci guda, yana bin mai magana da tazarar daƙiƙa biyu ko uku. Bayan rabin awa sai adadi ya fara zamewa, jimloli su fara yankewa, kuma sau da yawa shi mai yin bai san ingancin ya ragu ba. Mai Larabcinmu ba mu samo masa abokin karɓa ba, saboda haka na sa aka saka hutun minti goma sau biyu a jadawali saboda shi, na kuma gaya wa shugaba cewa hutun nan ba na sassautawa ba ne ko da lokaci ya ƙure.

Ranar taro na zauna a gefe da rijistata, aikina kallo da rubutu. Ga kaɗan daga abin da na gani. Mai Hausa na farko yana riƙe da ɗan littafi mai tsawo, kuma ba jimloli yake rubutawa ba: kibiya sama, kibiya ƙasa, adadi a cikin da'ira, layi a kwance duk inda magana ɗaya ta ƙare. Da injiniya ya ambaci faɗin kwalbatin, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Tafinta na neman a maimaita adadin." Aka maimaita, mita 1.2, sannan ya mayar. Wasu na ganin wannan kamar gazawa ce, ni kuwa a wurina shi ne alamar wanda ya san aikinsa, don ya san harsuna uku na jiran abin da zai fito daga bakinsa. A teburin Faransanci, wadda take hutu ba hutawa take ba: duk adadi ko suna da aka ambata sai ta rubuta shi da manyan baƙaƙe ta tura wa abokiyarta. Masu maganar hannu kuwa, da wani ya zo ya tsaya tsakaninsu da kuramen yana ɗaukar hoto da waya, ɗayansu bai daina aiki ba, sai ya matsa taku biyu gefe, abokinsa ya je ya janye mutumin cikin ladabi.

Wurin tambayoyi ne aka yi zafi. Wani dattijo da shagonsa ke bakin hanyar ya miƙe ya yi magana mai ɗaci, tafintar Hausa ta mayar wa injiniya da ita yadda take, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Amsar da ta dawo ita ma ba mai daɗi ba ce, kuma da muryarta ta dawo. Dattijon ya juya kanta yana nuna ta da yatsa. Shugaba ya ce, "Baba, a yi haƙuri, yarinyar nan saƙo take isarwa, ga mai maganar nan a gabanka." Ta jira ya gama, ta ci gaba daga inda aka tsaya, muryarta ba ta canja ba. Na rubuta lokacin, amma ban rubuta sunan dattijon ko abin da ya ce ba, kuma zan faɗi dalili a gaba.

Yanzu ga ainihin matsalar da na daɗe ina juyawa: wa zai fassara godiyar? Idan shugaba ya miƙe ya yaba wa mai Larabci, dattawan uku ba za su ji ba sai shi mai Larabcin ya juya ya raɗa musu yabon kansa, da bakin shugaba, yana kiran sunan kansa. Yawancinsu kunya za ta sa su taƙaita ko su tsallake, sai ya zama mutanen da suka fi kowa cin moriyar aikin su ne ba su ji an gode ba. Inda suke bibbiyu abin da sauƙi: na tsara cewa idan ana gode wa ɗaya, ɗayan ne yake aiki, sannan su sauya. Mai Larabci kuwa, na rubuta jimlolin da suka shafe shi tun da wuri, mai fassarar takardunmu ya mayar da su Larabci, na roƙi ɗaya daga cikin dattawan ya karanta da kansa idan an zo wurin. Ya karɓi takardar da murna, har ya ƙara nasa a kai.

Sai batun lokaci. Ban sa godiyar a ƙarshe ba. Na sa ta bayan tambayoyi, kafin a karanta matsayar taro, domin matsaya ita kowa yake jira, ba mai tashi kafin ya ji ta. Na kuma lissafa tsawonta da idon fassara. Duk abin da aka faɗa ta hanyar tsaya-in-mayar yana cin ninkin lokacinsa: bayanin injiniya na minti 20 sai da ya ci kusan 40. Saboda haka rubutun da na ba shugaba na minti biyu ne, na ware masa biyar a jadawali. Jimlolin gajeru ne, ba karin magana, ba barkwanci, don waɗannan su suka fi wahalar ƙetarawa zuwa wani harshe cikin gaggawa. Bayan kowane suna na sa alamar ya dakata har sai ya ga hannun mai maganar hannu ya sauka, tunda sunan mutum sai an bi shi a hankali kafin ya isa.

Abin da shugaba ya faɗa bai wuce wannan ba. Ya ce duk abin da aka ji yau da Faransanci da Larabci da hannu, ta bakin mutum biyu ya fara bi, ya ambaci ɗaya da suna, ɗayar ya ce "da abokiyar aikinsa". Ya ce masu Faransanci sun yi awa uku suna karɓar juna ba tare da an tsaya jiran su ba. Ya ce ranar da ke hannun kowa daidai take saboda wata mai fassara ta tsaya ta tambaya, ya kira sunanta, ta miƙe daga can baya inda ba wanda ya san tana zaune. Da aka zo kan masu maganar hannu, ya roƙi jama'a su yi tafi irin na kurame, a ɗaga hannaye sama ana karkaɗa su, domin tafin da ake ji da kunne ba ya isa ga kuramen. Ɗaki guda ya ɗaga hannu. Yabon gwani ya zama dole, amma na lura abin da ya sa mutane suka yi tafin da gaske shi ne an gaya musu takamaiman abin da suke tafa wa.

Da aka watse ban bar su su tafi haka ba. Mun zauna minti goma sha biyar, na cika gurbin lokutan kowa a gabansa ya gani ya amince. Mai littafin nan ya yage shafukan da ya yi rubutu a kai ya kekketa su a gabana. Haka al'adar aikin take: abin da tafinta ya ji a bakin aiki amana ce, ba ya fita da shi. Wannan amanar ta hau kaina ni ma. Shi ya sa a wasiƙa ban rubuta "lokacin da wane ya yi faɗa" ba, sai na ce "a lokacin da muhawara ta yi zafi". Godiyar da za ta tona wani mazaunin unguwa ta ɓata abin da tafintar ta tsare.

Wasiƙun su suka fi cin lokacina, kuma su ne nake ganin sun fi daɗewa suna amfani. Da yawa daga masu irin wannan aiki a unguwanni ba su da wata takardar shaida, ko da sun yi shekaru suna yi. Wasiƙar da ta ce "muna godiya da gudummawarka" ba za ta taimake su ba ranar da suka je neman aiki ko gurbin horo. Don haka kowace wasiƙa na sa mata kan takardar kwamiti, da kwanan wata, da sa hannun shugaba, kuma cikinta ta faɗi abu huɗu: wane irin taro ne da yawan mahalarta a ƙiyasce, daga wane harshe zuwa wane, wace irin fassara, da awa nawa, har da zaman shiri. Ta masu takarda ta faɗi yawan shafuka da kalmomi, da cewa sun kawo a kan lokaci. Mutane kan raina wannan ɓangaren, alhali ƙwararren mai fassara abin da yake iya yi da kyau a yini bai cika wuce kalma 2,000 zuwa 3,000 ba, kuma namu bayan sun taso daga nasu aikin suke zama su yi. A ƙarshen kowace wasiƙa sai jimla ɗaya ko biyu kan abin da na gani da idona. Ta tafintar Hausa ta ce: "A lokacin da muhawara ta yi zafi, kin isar da maganar kowane ɓangare yadda take, cikin natsuwa, har aka kai ga matsaya."

Akwai iyakar da na tsaya a kanta. Ba na jin Larabci, ba na jin maganar hannu, don haka ba ni da hurumin rubuta cewa fassararsu ba ta da kuskure. Abin da na yi shi ne na koma wurin waɗanda suka saurara. Na tambayi dattawan uku da biyu daga cikin kuramen, ta hannun wani daban ba tafintan da ake magana a kansa ba, tambayoyi masu sauƙi: yaushe za a rufe hanya, ta ina za a riƙa bi, wa za a kai wa ƙorafi. Duk suka amsa daidai. Wannan na rubuta a wasiƙa, cewa mahalarta sun fita da bayanin daidai, domin shi na tabbatar. Tambayar "ka gane?" ba ta da amfani a nan, kowa "e" zai ce don kara.

Game da haƙƙinsu, huɗu daga cikinsu da yarjejeniyar biya suka zo, sauran sa kai suka yi. Na tsaya sai da ma'aji ya biya masu yarjejeniya a ranar da aka yi alkawari, sannan na aika wasiƙu, don kada wasiƙa ta riga kuɗi isa ta zama kamar ita ce madadinsa. Masu sa kai an mayar musu da abin da suka kashe na zuwa da komawa da na buga takardu, ba tare da sun tambaya ba, domin mai sa kai ba kasafai yake iya buɗe baki ya nema ba. A rahoton taro kuma, wanda shi ma aka fassara, na sa layi a ƙasan kowane harshe da ke faɗin wanda ya fassara shi, ga waɗanda suka yarda. Na kuma shigar da 30 ga Satumba cikin kalandar kwamiti, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 2017 a matsayin ranar fassara ta duniya, don a riƙa aika musu gaisuwa ko ba taro.

A zaman nan na minti goma sha biyar na tambaye su abin da za a gyara. Ba su ɓoye ba. Mai Larabci ya ce hutu biyu bai isa ba, a awa ta uku kansa ya yi nauyi, dole a samo na biyu. Masu Faransanci suka ce a hana mutane magana ba tare da makirufo ba, don abin da ba su ji ba ba za su iya mayarwa ba. Masu maganar hannu suka nemi a shata layi a ƙasa wanda ba mai ƙetarewa. Na rubuta ukun a rahoton da na miƙa wa kwamiti, aka amince da su, kuma an riga an fara neman mai Larabci na biyu don taron da za a yi idan aikin ya kai rabi.